Manya Biyu Na Kwance Wa Juna Zani A Taron Biro: Matakan Da Shugaba Zai Bi

Tambayar nan ta sha zuwa mini daga shugabannin ma'aikatu a nan Damagaram, galibinsu matasa da aka ɗora a kan waɗanda suka girme su: manya biyu da aiki ya dogara a kansu ba sa ga maciji, kuma ba a ɓoye suke yi ba, a tsakiyar taro suke yi. Wannan ya kawo magana, wancan ya yi tsaki. Wancan ya karanta rahoto, wannan ya ce "a takarda dai haka ne". Ƙananan ma'aikata sun sunkuyar da kai, kai kuma da ke bisa kujerar shugaba kowa na satar kallonka. Me za ka yi?

Zan bi matakan da misali guda daga farko har ƙarshe. A ce ƙungiya ce mai kula da bankunan cimaka a ƙauyuka, biro ɗinta na cikin garin Zinder, ma'aikata goma sha biyar, ana taro kowace Litinin da safe. Ɗaya babban shi ne kwantabul, mu kira shi Alhaji. Ɗayan shi ne shugaban ayyukan fili, mu kira shi Malam. Dukansu sun girme ka, dukansu sun riga ka zuwa gidan.

Kayan aikin ba su da yawa: kaye guda wanda kai kaɗai ke buɗe shi, takardar da ta fayyace aikin kowannensu, dokar cikin gida ta ma'aikatar, rahotannin tarukan baya, da ɗaki mai ƙofar da ke rufuwa. Kuɗin da za ka kashe bai wuce na shayi da sukari ba. Abin da zai ci shi ne lokacinka, ka ware mako shida zuwa takwas.

1. Tsayar da maganar, kada ka yanke hukunci

Ranar da abin ya sake faruwa, aikinka guda ne: ka kashe maganar ba tare da ka ce ga mai gaskiya ba. Malam na bayanin misiyo ta Tanut, Alhaji ya katse shi: "Kafin a yi maganar sabuwar tafiya, ina resi na wadda ta wuce? Ko rairayi ya cinye su?" Wasu suka yi dariya. Kada ka bari Malam ya mayar, don in ya mayar taron ya tashi daga na aiki. Ka shiga nan take da murya a kwance: "Alhaji, na riƙe maganar resi, za mu zauna a kanta yau bayan azahar. Malam, ci gaba daga inda ka tsaya." Ka rubuta a kaye a gaban idonsu, su ga ba share ta ka yi ba.

Hattara: kada ka ce "ku ji kunya, ku ne manya", kada ka ce ɗaya ya ba ɗaya haƙuri a nan. Dattijon da aka yi wa faɗa gaban ƴaƴan cikinsa ba laifinsa zai tuna ba, wulaƙancin zai tuna, kuma daga ranar rigimar ta zama ta mutum uku har da kai. Sannan kada ka yi dariya, ko da maganar ta ba ka dariya. Murmushinka kaɗai ya isa wanda aka yi wa habaicin ya ce ya gane inda ka dosa.

2. Rubuta abin da aka faɗa, ba abin da ka ji a ranka ba

Taro biyu ko uku masu zuwa, ka riƙa rubuta abu huɗu: ranar, batun da ake kai, kalmomin da aka furta daidai yadda suka fito, da abin da aiki ya yi hasara. "Alhaji ba shi da ladabi" ba rubutu ba ne, ba inda zai kai ka. Rubutun da ke da amfani shi ne irin wannan: "Litinin, ana batun misiyo ta Tanut, Alhaji ya ce ko rairayi ya cinye resi. An tashi ba a tsai da ranar tafiya ba, hatsi ya ƙara mako guda a magaza."

Ka kuma lura da abin da ba magana ba: wa ke danna waya in ɗayan na bayani, wa ke tashi fita, su wa ke zama gefen wa. In ka ga direbobi da ma'aikatan fili sun jeru gefe guda, sakatare da mai kula da magaza sun jeru ɗaya gefen, to biro ya fara rabuwa gida biyu, kada ka jira taro na uku.

Hattara: kada ka aiki kowa ya jiyo maka. Zinder ba ta da girman da magana za ta kwana a wuri guda. Abin da ka tambayi mai gadi da safe, kafin la'asar ya isa fadar shayin da Alhaji ke zama a Birni.

3. Nemo inda aikinsu ya haɗu

Nan ne mafi yawan shugabanni ke tsallakewa, kuma nan ne maganin yake. Da wuya mutum biyu masu hankali su daɗe suna faɗa a kan hali kawai. Kusan kullum akwai wani wuri a cikin aiki inda ɗaya ba ya iya motsi sai ɗayan ya sa hannu, kuma ba wanda ya taɓa rubuta wa ke da maganar ƙarshe. Ɗauko takardun aikinsu ka aje su kusa da juna, ka ɗauko kaye ɗinka, ka duba batun da ya fi maimaituwa.

A misalinmu, sau uku cikin huɗu rigimar kan mai da resi take tashi. Sai ka ɗauko dosiyen misiyo ta Tanut ka yi lissafin da kanka. Daga Zinder zuwa Tanut kusan kilomita 150 ne, zuwa da dawowa 300. Alhaji yana lissafa wa motar lita 12 ta gazuwal a kowace kilomita 100, sai ya rubuta bon na lita 36. Malam kuma lita 60 ya nema. A idon Alhaji, lita 24 ke nan da ba a san inda za su ba. Amma Malam ba a cikin garin Tanut zai tsaya ba, zai zaga ƙauyuka kamar kilomita 100 cikin rairayi, inda motar ke shan abin da ya kai lita 20 a tsawon nan. Lita 36 da lita 20 sun zama 56. Ashe abin da Malam ya nema bai yi nisa da gaskiya ba, sai dai bai taɓa rubuta sunayen ƙauyukan a takardar misiyo ba. Alhaji kuma bai taɓa tambaya ba, ya dai rage ya sa hannu. Malam ya taɓa tsayawa a daji mai ya ƙare masa, ya sayi na bakin hanya da kuɗin aljihunsa, tun ranar yake ganin Alhaji da gangan yake yi masa.

Haka batun resi. Wanda ya yi wa Malam dakon buhuna da amalanke a ƙauye ba shi da faktir, ba shi da hatimi. Malam ya dawo hannu wofi, ko da ƴar takarda da aka yago daga kaye. Alhaji kuwa shi masu binciken kuɗi za su riƙe in sun zo, sunansa ne a ƙasan kowace takarda. Kowannensu yana da abin da yake tsoro, kuma tsoron na gaske ne.

In ka gano wannan, ka san abin da za ka gyara. In kuma ka duba ka ga aikinsu ba ya haɗuwa ko'ina, to tushen na waje ne: kujerar da kake kai ɗaya ya nema bai samu ba, ko wata tsohuwar magana ta gida ko ta siyasa. Wannan ba kai za ka warware ta ba. Iyakarka ka hana ta shiga ɗakin taro, sauran matakan kuma duk suna nan yadda suke.

4. Ga kowa shi kaɗai, rana guda

Ka gan su rana guda, ɗaya bayan ɗaya, kada a samu kwana a tsakani. Wanda aka bari ya kwana bai ji daga bakinka ba zai ɗauka an gama shirya masa tarko. Fara da wanda ya fi shekaru, don ba wanda zai yi gardamar wannan tsari. Kuma kai ka tashi ka same shi a biro ɗinsa, kada ka aika a kira shi. Ƴar tafiyar nan ta taku goma tana sauƙaƙa maganar da za ta biyo baya fiye da yadda kake zato.

Ku gaisa sosai, ka tambayi gida, sannan ka shiga: "Alhaji, shawara na zo nema, kuma akwai abin da ya dame ni. Ranar Litinin da ake maganar Tanut ka ce ko rairayi ya cinye resi. Yara suka yi dariya, muka tashi ba mu tsai da rana ba. Me ke faruwa da resin nan?" Daga nan ka yi shiru. Bar shi ya zazzage, ko da zai ɗauko tarihi tun kafin a kawo ka. Kana ji kana rubuta abin da ya shafi aiki, sauran ka bar shi ya wuce.

In ya sauka, ka faɗa masa abu biyu a fili. Na farko, damuwarsa ta shiga kunnenka kuma za a gyara. Na biyu, abin da kake roƙo: "Alhaji, in ka ga gyara a aikin Malam, ka kawo mini ko ka same shi kafin taro. A cikin taro ka yi tambaya a kan aiki, amma habaici ya tsaya daga yau. Wannan magana ita zan faɗa wa Malam yanzu in na fita daga nan." Jimlar ƙarshen nan kada ka manta da ita.

Akwai amsar da za ka ji a nan ƙasar wadda ke bukatar shiri: "Haba, wasa ne fa, ai taubashina ne." Gaskiya ne wasan dangi abu ne mai daraja a Nijar, Babarbare da Bafulatani na iya gaya wa juna abin da wani ba zai iya ba, a yi dariya a watse. Amma wasan taubasai yana da alama: dukansu biyu ke dariya, kuma bai taɓa amanar mutum. In ɗaya na dariya ɗayan ya haɗe rai, in maganar ta shafi kuɗi ko iya aiki, ta fita daga wasa. Ka ce masa: "Wasanku na nan, ba ni da ikon hana shi, a yi shi wajen shayi. Amma maganar da za ta sa yaro ya yi zaton Malam ya ci kuɗi ba ta cikin wasa."

Hattara: kada ka kai wa ɗaya abin da ɗayan ya faɗa. Malam zai tambaye ka, "Me Alhajin ya ce?" Amsa ita ce: "Abin da ya faɗa mini na nan wurina, kamar yadda naka zai zauna wurina." Kuma kada ka saya wa kanka sauƙi da cewa "ni ma na san halinsa". Za a maimaita wannan magana da sunanka.

5. Zaman mutum uku

Cikin mako guda ka haɗa su, a ɗakin da ba biro ɗin ɗayansu ba. Zaɓi safiya, kafin rana ta yi zafi mutane su gaji. Kada ka sa shi Juma'a, hankalin kowa na masallaci, kada kuma ka sa shi ƙarshen wata lokacin da Alhaji ke cikin lissafin albashi. Sa'a guda ta isa.

Kada ka buɗe da "me ke tsakaninku". Buɗe da dosiyen Tanut a kan tebur. Ka nuna lissafin lita 36 da lita 56, ka bar su su duba da idonsu. Sau da yawa a nan ne ɗaya zai ce "ai ban san har ƙauyuka ake shiga ba", ɗayan ya ce "ai ba a tambaye ni ba". Daga nan ka tambayi kowa abin da yake bukata daga ɗan'uwansa don aikinsa ya tafi, ku rubuta a shafi guda. A misalinmu zai iya fitowa haka: Malam zai rubuta sunan kowane ƙauye da nisansa a takardar misiyo. Za a lissafa mai da ma'auni biyu, na kwalta da na rairayi, bisa abin da kayen da ake rubuta kilomita da man motar ya nuna a tafiye-tafiyen baya. Alhaji zai shirya takardar shaidar karɓar kuɗi wadda mai amalanke zai sa hannu ko ya dangwala yatsa. Malam zai maido takardu cikin kwana biyar na aiki bayan dawowa. Alhaji zai fitar da bon cikin kwana biyu in dosiye ya cika, in kuma bai cika ba zai faɗi abin da ya rage a ranar. In sun saɓa, maganar ta zo wurinka kafin Litinin, kai ne mai yankewa.

Ku ukun ku sa hannu, kowa ya ɗauki kofi.

Hattara: ka duba dokokin masu ba da kuɗin aikin kafin ka amince da takardar dangwala yatsa, don wasu na da iyakar kuɗin da suke karɓar irinta a kai. Sannan kada ka matsa sai sun yi musabaha sun ce sun yafe. In ka matsa za su yi, a ce Alhamdu lillahi, a shafa fatiha, ranar Litinin a koma gidan jiya. In yafiya ta zo da kanta, madalla. Abin da kake da haƙƙin nema shi ne aiki ya tafi, taro ya zauna lafiya.

6. Gyara taron kansa

Taron da ba shi da tsari shi ke ba mai habaici fili. Ka fitar da jerin batutuwa tun ranar Alhamis, kowane batu da sunan mai gabatar da shi da mintocinsa. Duk batun da ya haɗa kuɗi da fili, ku ukun ku yi masa minti goma kafin a shiga, don kada wani ya ji labari karo na farko a gaban jama'a. Yawancin katsalandan daga nan yake fitowa, mutum ya ji an shammace shi.

A cikin taro mai magana ya gama kafin a yi tambaya, kuma kai ke ba da izini. Fara karɓar ra'ayin ƙananan ma'aikata kafin na manyan biyu, don in manya sun riga magana, yaro ba zai faɗi abin da ya gani a fili ba, zai duba gefen da zai bi ne. Kada ka zaunar da su fuska da fuska, sa ɗaya damanka ɗaya hagunka. Dokokin nan ka sanar da su a matsayin na kowa, ba tare da ka ambaci suna ba.

Ka sa ido a kan zauren WhatsApp na ma'aikata. Rigimar da aka kora daga ɗakin taro can take fara komawa, da saƙon murya da karin magana. Dokar taro ta hau kansa shi ma.

Za a gwada ka, galibi a taro na biyu ko na uku. Kada ka ɗaga murya. Ka ce "Malam, mun yi magana a kan wannan", ka wuce batu na gaba, sannan ka same shi a ranar. In ka bar ta farko ta wuce, takardar da kuka sa wa hannu ta mutu.

7. Mai shiga tsakani

In tazarar shekaru tsakaninka da su ta yi yawa, ko ɗaya ya fara zarginka da son kai, nemo dattijon da dukansu ke jin nauyinsa: tsohon shugaban ma'aikatar da ya yi ritaya, ko wani babba a kwamitin ƙungiyar. Ka tambaye su duka biyu kafin ka gayyato shi. Kada ya zama dangi ko suruki ko maƙwabcin ɗayansu, kuma ka gaya masa shi ba alƙali ba ne, takardar nan ta shafi guda ita ce abin da ake so a riƙe. Kada ka kai maganar biro gidan mutum ko wurin limamin unguwarsu ba da saninsa ba, tonon asiri zai ɗauke ta.

8. In abin ya ƙi

Bayan mako shida ka buɗe kaye ka duba abu uku: bon na fita cikin kwana biyu? Takardu na dawowa cikin kwana biyar? Ƙananan ma'aikata sun koma yin magana a taro? In amsar e ce, ka gode wa kowannensu shi kaɗai, ka ci gaba da zaman minti goma ɗin nan. Shiru kaɗai ba alamar lafiya ba ce. In sun daina habaici amma dosiye na kwana uku a tebur ba a taɓa shi ba, faɗan bai ƙare ba, wuri ya sake.

In ɗaya ya ci gaba, lokacin takarda ya yi. Ka sanar da na sama da kai tukuna, da kaye ɗinka a hannu, don kada mutumin ya riga ka kiran Yamai. Sannan ka ba shi takardar neman bayani mai ɗauke da ranaku da kalmomin da ya furta da alkawarin da ya sa wa hannu, ka ba shi wa'adin amsawa a rubuce. Bayan amsarsa ne ake maganar gargaɗi, dakatarwa kuma sai in gargaɗi bai yi ba. Ma'aikatan kamfanoni da ƙungiyoyi na ƙarƙashin dokar aiki ta Nijar ta shekarar 2012, ma'aikatan gwamnati kuma nasu tsarin daban ne, ta hannun magabata yake bi. Kafin ka dakatar da kowa, karanta dokar cikin gida, ka ga wakilin ma'aikata in kuna da shi, ka nemi shawarar sufetan aiki na jihar.

Hattara: kada ka hukunta su biyu daidai wa daida don a ce ka yi adalci. In kaye ya nuna Malam ya riƙe alkawari Alhaji ne ya karya, takardar Alhaji kaɗai za ta samu. In ka haɗa da wanda ya gyara, ka koya masa cewa gyaran bai amfane shi da komai ba, kuma sauran ma'aikata goma sha biyu na kallo. In kuwa dukansu sun ƙi, kuma aikin ba zai yi ba sai da hannun kowannensu, ka kai wa na sama shawarar a raba hanyar sa hannu: wani mataimaki ya riƙa karɓar dosiyen fili, ko a mai da ɗaya wani reshe kamar Magarya ko Matamai, da muƙaminsa da albashinsa yadda suke, kuma da yardarsa a rubuce in kwantiraginsa ta ambaci Zinder a matsayin wurin aiki.